Kunnen Barira

A Kurgu, in ka ce kana neman Barira sai an yi ta kallon-kallo kafin wani tsoho ya tuno wadda kake nufi. Amma ka ce Ajuji ungozoma, ko akuyar gari ta san ƙofar gidan. Gajeriya ce, kakkaura, mai saurin tafiya da saurin baki. Rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibiya, kuma in mace ta rasu ita ake kira ta yi mata wanka da ruwan magarya. Mijinta Ɗanliti yakan ce matarsa ta tsare ƙofar shigowa ta tsare ta fita, shi dai an bar masa gona. Ranar kasuwa kuma takan ɗauki daddawa da busasshen kifi ta bi jirgin ruwan 'yan kasuwa har Lolo, bakin iyakar Dahome.

Duk wanda ya zauna kusa da ita zai lura da abu guda. Ɗankwalinta kullum a karkace yake ta hagu, ya rufe kunne. A saman kunnen nan akwai ɗan gurbi, kamar inda yaro ya gutsuri ƙosai ya ajiye. Da shi aka haife ta, kuma shi ya jawo mata duk abin da za a ba da labari.

Uwarta Kubura Badendiya ce daga Madikali, ƙetaren iyaka. Aure ya kawo ta Kurgu gidan Ɗanmusa manomi. Ta haifi namiji, bai kai ga rarrafe ba ya koma. Ta haifi mace, ita ma ba ta kai yaye ba. Ta sake haifar namiji, ya bi sahunsu. Tun a na biyu tsofaffin mata suka fara ƙus-ƙus, a na uku kuwa suka faɗa a fili: wabi ne. A wurinsu ba 'ya'ya uku Kubura ta rasa ba. Yaro ɗaya ne mai taurin kai, kurwa ɗaya, yake shiga cikinta yana fita yana wasa da hankalinta. Maganin irin wannan, in ji su, a yi wa gawar alama, don in ya dawo a gane shi, kunya ta kama shi ya zauna. Kafin a kai na ukun makwanci aka ɗan yanke saman kunnensa na hagu. Ba wanda ya taɓa faɗa wa Barira wa ya riƙe askar, ita ma ba ta tambaya ba.

Da aka haifi Barira, kafin a duba mace ce ko namiji sai da aka duba kunne. Aka ga gurbin. Matan suka tafa hannu suka ce ga ɓarawon ya shigo hannu. Aka ɗauke ta da ɗuminta aka kwantar a kan juji bayan gida, wai a nuna mata ba a damu da ita ba, sannan wata gwaggonta ta wuce ta yi kamar tsintar ta ta yi. Daga nan sunan Ajuji ya bi ta. Sunan da liman ya raɗa ranar suna ya koma na ɗaurin aure kawai.

To a lissafin Kubura, haihuwa ɗaya ta yi sau huɗu. Ke nan wannan yarinya ita ce ɗan farinta, ya sake fata ne kawai. Kowa kuwa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana wurin. A gidajen mutane kunya ce kurum, ƙaunar tana nan a ƙasa, za ka gan ta a yankan naman da ake ɓoye masa a ƙarƙashin tuwo. A ɗakin Kubura abin da ke ƙasan kunyar fushi ne. Ta shayar da ita, ta tufatar da ita, ta yi mata aure da gara daidai gwargwado, amma ba ta taɓa kiran ta da komai ba sai "ke". In tana maganarta da wasu sai ta ce "waccan". Ƙaninta Maliki kuwa, wanda ya zo bayanta ya kuma rayu, sunansa a bakin uwar yake tun safe har yamma. Wannan abu ya ci ran Barira tun tana talla har ta aurar da 'ya'yanta, ko da yake in an taɓo zancen da dariya take kashe shi. Takan ce, in ma ni ce, ai na yi ƙoƙari, wa ya taɓa zuwa namiji sau biyu ya ƙare a mace?

A daminar shekarar da aka sami mulkin kai, ƙafafun Kubura suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Ɗanmusa ya daɗe da rasuwa. Barira ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin uwar. Ta ga irin wannan ciwo a jikin tsofaffi da yawa, ta san inda yake kaiwa. Saboda haka wata safiya, bayan ta ba ta kunu, ta durƙusa ta yi abin da kowane ɗa yake yi.

"Inna, rai na Allah na. In akwai abin da niy yi maki, ki gahwarta mani."

Kubura ta kalli bango ta ce, "Wanga zuwa na yahe. Kin yi biyayya, ba ni hwaɗin ƙarya. Amma ukun can na hwarko ban yahe ba. Sau uku ina ɗaukar cikinki, sau uku kina kallon idona kina tahiya."

Barira ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ta daure ta ce, "To Inna, su ma ki yahe."

"Sai kin gaya mani mi niy yi maki da kika tahiya. Kin tuna ko ba ki tuna ba?"

Nan Barira ta tsaya. Da roƙo ne kawai, da ta roƙa har gwiwarta ta yi kanta. Amma tsohuwar dalili take so, Barira kuwa ba ta tuna komai ba, kuma ba za ta ƙirƙiri ƙarya ta zuba a kunnen mai shirin mutuwa ba. Ga shi ba ta san wata masifa da ta kai uwa ta tafi kabari da fushinka a ranta ba. Ta wanke gawa ta fi a ƙirga, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi abin da ya fita daga jikin da take wankewa ba, ko ina ya nufa, ko yana da hanyar dawowa. Yanzu dole ta sani.

Dama ya kamata a je Madikali a gaya wa Kawu Kimba, wan Kubura, cewa jikin ƙanwarsa ya yi nauyi. Barira ta bar uwar a hannun matar Maliki ta ce ita za ta je.

A cikin jirgi ta zauna kusa da Iya Malomo, Bayarabiya mai sayar da atamfa da kwanoni a Lolo, tsohuwar abokiyar cinikinta. Barira ba ta iya kwana-kwana ba, tun ba su bar gaɓa ba ta zazzage mata zancen. Iya Malomo ta buga cinya ta ce wannan ai abiku ne, su ma suna da shi, ɗanta Malomo da ake kiran ta da sunansa ma shi ne. Ta yi mata bayani da Hausarta ta kasuwa. A wurinsu mutum yana da jiki, yana da emi, wato numfashin da Ubangiji ya hura, wanda in ya ɗauke an mutu. Yana kuma da ori, kan da ke cikin kai, wanda mutum ke durƙusawa ya zaɓa tun a sama kafin ya zo duniya, da rabonsa a ciki. Tsoho in ya mutu mutuwar kirki yana zama can tare da kakanni, amma wani abu nasa yana iya saukowa a jikan da aka haifa, shi ya sa za ka ji yaro Babatunde, wato baba ya dawo, ko yarinya Iyabo, wato uwa ta dawo. Barira ta ce, yana can kuma yana nan? Iya ta ce ƙwarai, ba ki taɓa ɗebo wuta a murhun maƙwabta kin bar tasu tana ci ba? Wannan dawowa abin murna ce. Abiku ne na kuka, don shi yana da abokan wasa a can, ya yi musu alkawarin ranar da zai koma tun kafin ya shigo ciki.

"To ku mi kuka yi masu?" in ji Barira.

"Wasu suna yanka gawa kamar ku. Ni ban yi ba. Na sa masa ƙarfe mai ƙara a ƙafa don abokan su gudu, na dafa wake da manja na tara yara, na ba shi suna Malomo, wato kada ka sake tafiya. Lallashi nake yi har yau, ga shi da gemu."

Barira ta juya tana kallon ruwa. Amsar ba ta yi mata daɗi ba, don ta ba Kubura gaskiya. Abin da ya fi yi mata zafi kuma shi ne jin cewa akwai uwar da ta yarda da abu ɗaya da tata uwar, amma ta zaɓi roƙo.

A bakin iyaka ta tarar an sauke tutar Faransa an ɗaga wata sabuwa, don mutanen Dahome sun riga namu karɓar ƙasarsu da ɗan lokaci. Ban da tutar ba abin da ya sake, sandar tare hanyar nan dai ce da mutumin kwastan mai gajeren wando. Matarsa, Madam Sesili, 'yar kudu ce mai bin cocin Katolika, kuma Barira ce ta karɓi haihuwarta wata shekara da naƙuda ta kama ta ranar kasuwa. Ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Da ta ji tambayar sai ta girgiza kai da ƙarfi. Ta ce a koyarwarsu Allah ba ya yin kwance. Kowane ciki, sabon rai yake halitta masa, wanda ba a taɓa yi ba, ba kuma za a sake yin irinsa ba. Shi wannan rai ba ya mutuwa. Da ya rabu da jiki ake yi masa hisabinsa shi kaɗai: ko Aljanna, ko wuta, ko wani wuri a tsakani inda ake wanke wanda ya mutu da ƙananan laifi, addu'ar 'yan uwa tana rage masa zama. A ranar ƙarshe kuma rai ya koma jikinsa a tashi tare. Barira ta ce jarirai fa? Madam ta ɗan sunkuyar da kai ta ce wanda aka yi wa baftisma kai tsaye yake wucewa. Wanda ba a yi wa ba, fada, limamin cocinsu, ya koya musu cewa akwai wani wuri da ba azaba ba kuka, sai dai ba sa ganin fuskar Allah. Barira ta ce a ranta, wato an bar su a zaure ba da laifinsu ba. Amma ta riƙe abu guda, cewa a wurin Madam ita da 'yan uwanta su huɗu ne, ba ɗaya ba.

Kawu Kimba ta same shi a gindin wata ƙirya yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Tsoho ne mai salla biyar, amma kowa ya san in an yi wasan bori na Dendawa shi ke jan goge, kuma bai ga abin da ɗaya ya tsare wa ɗaya ba. Ya ji labarin ciwon ya yi addu'a. Da ta gaya masa abin da Kubura ta ce, ya ajiye komar.

Ya ce a wurin Dendawa mutum kashi uku ne. Akwai jiki, wanda ƙasa ke ci. Akwai hundi, ran da ke motsa jikin, wanda akuya ma tana da shi. Wannan aron Irkoy ne, wato Ubangiji, in an mutu ya koma wurin Mai shi, ba ya ɗauke da kamannin kowa. Sai biya, inuwar mutum, wadda Hausawa za su ce kurwa. Ita ce ke da fuskarka da halinka. Ita ke fita yawo in kana barci ka ga kanka a wani gari, ita maye ke kamawa mutum ya yi ta ramewa, ita kuma ke matsawa gefe in iska ya hau mutum a fagen wasa. In an mutu, biya ba ta ruɓewa. Takan ɗan yi zagaye a gida kafin ta haƙura ta tafi inda magabata suke, kuma ita ce ke zuwa wa masu rai a mafarki.

"To Kawu, tana komawa ciki a sake haihuwatta?"

"Tsohwahhi sun ce ta jinjiri ba ta gama zama ba, tana iya komawa. Ni dai ban gani ba." Ya ɗauki komar ya sake ajiyewa. "Amma bari in tambaye ki. Har yau uwakki tana ganinsu cikin kwana?"

Barira ta ce ba ta san tana gani ba.

"Da tana gani. Tun kina goye in ta zaka ganin gida sai ta tashi da kuka, ta ce ta gan su su uku. Nac ce mata, Kubura, in biya guda ta, kuma ga ta goye bayanki, to su wa kika gani? Tun rannan ba ta ƙara yi mani zancen ba. Ta hi shekara ba ta gaishe ni."

Barira ta kwana biyu a Madikali tana juya wannan magana. A hanyar komawa ta ratse Kende wurin Malam Bunyaminu, wanda matansa duk ita ke karɓar haihuwarsu. Ta durƙusa daga bakin zaure, ya sallami masu ɗaukar karatu ya saurare ta har ta gama.

Malam ya fara da cewa sha'anin ruhi na Allah ne, kaɗan aka sanar da mutane, kuma iyakar kaɗan ɗin zai faɗa. Ciki in ya cika wata huɗu ake aiko mala'ika ya hura ruhi, ya rubuta arzikin mai shi da ajalinsa da aikinsa da makomarsa. Kowa da nasa rubutun, ba a yi wa mutum biyu guda. Barci ma ƙaramar mutuwa ce, ana karɓar rayuka, wanda kwanansa ya ƙare a riƙe, wanda yake da saura a sako shi. In ajali ya yi, Mala'ikan Mutuwa ya zare ruhi. Bayan an binne, a mayar da shi gwargwadon yadda zai amsa tambayar Munkari da Nakiri a kan Ubangijinsa da addininsa da Annabinsa. Daga nan sai zaman Barzahu, cikin ni'ima ko akasinta, har a busa ƙaho. Ya ce ma'anar Barzahu shamaki, kuma ba mai tsallako shi ya dawo duniya, ko babba ko jariri, ko ya roƙa.

"Su 'yan uwanki ukun," in ji Malam, "alƙalami bai hau kansu ba. Suna hannun Annabi Ibrahim, shi ka renonsu. Kuma wadda tar rasa ɗiya uku ba su balaga ba tay yi haƙuri, za su zame mata katanga daga wuta. Ran ƙiyama za su kama bakin zanenta, ba su saki sai ta shiga Aljanna."

Barira ta taɓa ɗankwalinta. Ta san kunnuwa. Ta karɓi jarirai masu gurbi a kunne, da masu ɗan tsiro, da masu naɗaɗɗen kunne, a gidajen da ba a taɓa binne yaro ba. Duk da haka ta yi tambayar da ke bakinta tun tana yarinya.

"Allah shi gahwarta Malam, kunnen ga nawa, haka za ni tashi da shi?"

Malam ya yi murmushi. Ya ce ƙasa tana cinye jiki duka sai ɗan ƙashi ƙanƙane a ƙarshen gadon baya, daga shi ake sake tsirar da mutum in an saukar da ruwan tashi, yadda shuka ke fitowa. Kuma cikakke ake tashi, ba takalmi ba tufa, har fatar da wanzami ya cire ranar kaciya sai an mayar. Ya ƙara da cewa yankan gawa haramun ne, don cutar da mamaci kamar cutar da mai rai ce, amma wanda ya yi cikin rashin sani ya tuba, Allah mai gafara ne.

Ta iso Kurgu ta tarar jikin ya ƙara nauyi. Yaran makaranta suna ta bita a fili da 'yan tutoci kore da fari, don ranar karɓar tamu ƙasar ta matso. Barira ba ta shiga da wa'azi ba. Ta san uwarta, in ka ce mata Malam ya ce, sai ta ce Malam bai taɓa naƙuda ba. Ta bari sai washegari da hantsi, ta fito da ita inuwar rumfa, ta ɗora ƙafafun a cinyarta tana shafa musu man kaɗanya.

"Kawu na gaishe ki. Yana tahe ran kasuwa." Ta ci gaba da shafawa. "Inna, har yau kina ganinsu cikin kwana?"

Ƙafar ta ɗan motsa a hannunta. Kubura ta ce Kimba bai taɓa iya riƙe bakinsa ba. Barira ta koma ɗaya ƙafar. Can tsohuwar ta ce, "Tun da ciwon ga yaz zaka, kullum."

"Su nawa?"

"Uku. Zaune bisa tabarma guda."

"Ni ina ina sa'annan?"

"Kina nan gehena kina minshari."

Kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da tabarmar, ba wanda ya kore ta. Sannan Kubura ta yi magana da wata murya da Barira ba ta san ta da ita ba.

"Ƙaramin ba ya kallona. Hannunai na bisa kunne. Ni niy yanke. Tsohwahhin sunka ce sai uwa ta yi da hannunta shi ka ji. Jikinai bai gama sanyi ba. In ke ta, to kin dawo, na ba ki nono, na aurar da ke, mun biya juna. In ba ke ba ta, bawan Allah niy yanka, bai yi mani komi ba, ga shi kuma can za ni in ishe shi."

Sai a lokacin Barira ta gane abin da ta rayu a ƙarƙashinsa. Tausayi ya kama ta, da haushi kuma, don ita aka sa ta biya. Ta bar haushin ya wuce kafin ta buɗe baki. Ta gaya mata yadda ake tashi, da ɗan ƙashin, da ruwan, da fatar kaciya da ake mayarwa. Ta ce in har abin da wanzami ya yanke da gangan a gaban gari yana dawowa, ɗan bakin kunne ba zai gagara ba. Ta gaya mata a hannun wa yaran suke, da zancen bakin zane, da cewa ƙofar tuba a buɗe take tunda numfashi bai kai maƙogwaro ba.

"Shi ma zai kama?" in ji Kubura.

"Malam bai ce ban da mai kunne ba."

Tsohuwar ta rufe ido, hawaye yana bin gefen fuskarta yana shiga kunnenta. Ta daɗe leɓenta yana motsi da istigfari. Sannan ta fara ƙirga da yatsa, a hankali. Ta ce Ma'azu, shi ne ƙaramin. Ta ce Saratu, mai yawan dariya. Da ta zo kan babban yatsa sai ta tsaya, ta kawar da kai, ta ce, "Da wancan, na hwarin." Ba ta kama sunansa ba. Barira ta lura da haka, ta kuma san abin da yake nufi: kunyar ɗan fari ta koma wurin mai ita.

Ba ta iya zama ba. Ta sauke ƙafafun ta tashi ta nufi murhu kamar mai duba wuta, alhali ba abin da ke kai. Tana tsugune tana tura itace ta ji an ce daga bayanta, "Barira."

Ba ta waiwaya ba da farko. Ta ɗauka wata baƙuwa ce ta shigo ake yi wa magana.

"Barira. Ba ni ruwa."

"Na'am, Inna."

Ta kawo ruwan da sauri, rabi ya zube a hanya. Kubura ta sha, ta riƙe wuyan hannunta ta ce ba ta da abin da za ta yafe mata, ko na wannan zuwa ko na wani, don zuwa ɗaya ta yi. Ta ce ita ce mai roƙo. Barira ta ce ta yafe duniya da lahira, ta kuma ce a bar zancen haka nan kada kunun rana ya makara.

Kubura ba ta rasu a lokacin ba. Ta ga bikin mulkin kai daga kan tabarma, ta ce kiɗan bai kai na Madikali ba. Ta kai har aka shigo da sabon gero. Barira ce ta yi mata wanka, ta fara da dama yadda ake yi, ta kitse gashin gida uku. Tun daga shekarar kuma ba a sake kai aska kusa da gawar jariri a Kurgu ba in tana wurin, tsofaffi su yi ta gunaguni, ita kuwa ta naɗe abinta ta miƙa wa maza.

Amma abin da matar Maliki ta fi ba da labari shi ne watannin nan na ƙarshe. Ta ce tsohuwar ta hana gidan sakat. Ana daka, ana tankaɗe, ana tsakiyar salla, sai ka ji daga rumfa, "Barira!" Ita kuwa ta saki taɓarya ta taho da gudu, mace mai jikoki, ta ce, "Na'am, Inna, mi kika so?" Sai tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ba komi. Tahi abinki."